Kaina na zuba, kan yarona kuma ya yi tabo: cuta ɗaya ce?

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mini da shawara. Wata huɗu ke nan da haihuwata. Shekaranjiya na tsefe kitso, gashin da ya fito a matajin sai da ya cika mini tafin hannu biyu, na zauna ina kallonsa ina hawaye. Yanzu ko hannu na sa a kai sai na fito da silin gashi, filo ma duk shi ne. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, babban yarona mai shekara 6 shi ma wani wuri a bayan kansa ya cinye, kamar faɗin murfin kwalbar lemo, da fari-fari a kai, yana ta susa. Filo ɗaya muke kwana da shi tun da na dawo daga wanka. Shi ya shafa mini ko ni na shafa masa? Me zan saya mu shafa mu biyun?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Ke taki zubar gashin jego ce, duk mun yi ta. Ni haihuwa takwas na yi, kowacce sai kaina ya zube, kuma ya dawo. Ki riƙa shafa man kaɗanya, ki daina yawan tunani. Yaron kuwa makero ne, mu a wajenmu ƙora muke ce masa. Ki daka tafarnuwa ki goga masa safe da yamma.

Ummu Hanan: Ni dai wallahi abin ya ba ni tsoro. Uwa da ɗa lokaci guda? Ki dage da azkar, kuma ki daina yar da gashinki a bola, ba kowa ke son ka da alheri ba.

Maman Walid: Anti, azkar kam ina yi, Alhamdu lillahi. Hajiya, tafarnuwar na gwada masa kwana uku, kuka yake yi wai zafi, wurin ma ya yi ja.

Dakta Hadiza: Maman Walid, ki dakata da tafarnuwar nan tun yau, ƙona fatar take yi. Hajiya ta yi gaskiya a kan cewa abu biyu ne daban, amma kafin in ce komai ina son ki duba mini wasu abubuwa. Ki fita tsakar gida inda haske yake, ki sa wani ya buɗa miki gashinki layi-layi. Akwai wani wuri guda da ya cinye har fata ta fito, ko ko'ina ne ya yi shara-shara? Fatar tana da ƙaiƙayi, ko ɓawo, ko ƙuraje? Sannan ki ɗauki sili kaɗan daga wanda ya zube ki duba gindinsu, akwai ɗan farin kai ƙarami kamar ƙwayar gero da aka fasa, ko guntaye ne da suka karye daga tsakiya? Yaron kuma ki duba cikin tabon da kyau, ki shafa bayan wuyansa da bayan kunnuwa ko za ki ji kaluluwa. Kitson sati nawa ya yi a kanki? Kin zubar da jini da yawa wajen haihuwa?

Maman Walid: Dakta na gode. Ƙanwata ta duba mini yanzu. Babu tabo ko ɗaya, fatar lafiya lau, ba ƙaiƙayi. Ko'ina ne ya ragu, amma gefen goshi biyu ya fi. Silin dogaye ne, kusan duk da ɗan farin abin nan a gindi. Kitson ya yi sati uku da 'yan kwanaki. Jini kam na zubar, har an ce za a ƙara mini sai kuma aka fasa, aka ba ni ƙwayoyi, na sha na sati biyu na bari saboda suna hana ni bayan gida. Shi kuma Walid cikin tabon akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar an barbaɗa masoro, kuma na ji kaluluwa guda biyu a bayan wuyansa.

Dakta Hadiza: To, yanzu magana ta fito. Bari in fara da naki, don shi ya fi sa ki kuka, duk da na yaron ya fi gaggawa.

Kowane silin gashi yana da wa'adinsa. Yana tsawo na shekaru, sai ya tsaya ya huta kamar wata uku, sannan ya faɗi sabo ya fito a gurbinsa. Mai lafiya ma yana zubar da sili 50 zuwa 100 kullum. Lokacin da kike da ciki, sinadaran cikin suna riƙe gashin da ya kamata ya faɗi, shi ya sa mata da yawa kansu ke cika da goyon ciki. Da kin haihu sinadaran suka sauka, sai gashi mai yawa ya shiga hutun nan a tare, ya kuma faɗi a tare bayan wata biyu zuwa huɗu. Daidai inda kike ke nan. Ɗan farin kan da kika gani a gindi shi ne shaidar cewa silin ya gama wa'adinsa ne ya fito, saiwar tana nan a cikin fata da ranta. Ba haihuwa kaɗai ke jawo wannan ba. Zazzaɓi mai tsanani irin taifod ko maleriya mai kwantarwa, tiyata, rasuwar makusanci, rama ta farat ɗaya, duk suna yi, kuma abin da ke ruɗa mutane shi ne zubar ba ta zuwa sai bayan wata biyu ko uku, lokacin an manta da abin da ya jawo ta.

Ki ƙara da lissafin kitso. Gashin da ya saki yana cikin kitso ba shi da hanyar faɗuwa, sai ranar tsifa. Kwana 21 sau 100, sili fiye da 2,000 ke nan ko da lafiyarki ƙalau. Saboda haka abin da kika gani a matajin na sati uku ne ya taru.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jinin da kika zubar da maganin da kika bari. Kina jin jiri in kin miƙe? Haki in kin ɗan yi aiki? Kwaɗayin ƙanƙara ko farar ƙasa?

Maman Walid: Innalillahi. Ƙanƙara kam, Dakta, kullum sai na aika an sayo mini na tauna. Na ɗauka zafin gari ne. Jiri ma ina ji.

Abban Sadik: Salam. Tunda ana maganar gashi, ni ma tsakiyar kaina ta fara buɗewa tun ina shekara 28, babana ma haka yake. Wannan ƙarancin jinin ne? In sha maganin ƙarin jini zai dawo?

Dakta Hadiza: Abban Sadik, naka sanƙo ne na gado, maganin ƙarin jini ba zai taɓa shi ba, kuma namiji bai kamata ya kama shansa haka kawai ba tare da awo ba. Ka buɗe tambayarka daban in Allah ya yarda mu tattauna.

Maman Walid, cin ƙanƙarar nan alama ce da muka sani sosai ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Ki je asibiti ki nemi awo biyu. Na farko awon yawan jini da kika saba yi a awon ciki. Na biyu sunansa feritin, shi ke nuna ajiyar ƙarfen da ta rage a jiki. Na biyun ya fi tsada kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba, amma yana da amfani, domin mace tana iya samun awon jininta ya fito daidai alhali rumbun ya ƙare. Kada a yi shi kina cikin zazzaɓi, don ciwo yana ɗaga lambar ta fito kamar lafiya. Idan akwai faɗuwar gaba, rawar hannu, ko kumburi a maƙogwaro, ki faɗa wa likita a duba miki tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya mai sarrafa sinadaran jiki, shi ma yana rikicewa bayan haihuwa kuma yana zubar da gashi.

Anti Balaraba mai kitso: Dakta ki yi haƙuri in sa baki. Shekarata 22 ina kitso. Wannan gefen goshin da ta ce ya fi cinyewa, ni ban yarda duk jego ba ne. Masu jego da yawa ranar suna ake yi musu ƙananan kitso a ja shi tamau har ido ya ɗage, wasu da ƙarin gashi mai nauyi, wasu an sa rilaksa kwana biyu kafin nan. In kin ga 'yan ƙuraje a bakin kitso, ko mace ta ce ba ta iya sujada da daɗi saboda zafi, to gaban goshin nan yana tafiya. Ina da masu zuwa wurina da gabansu ya tafi shekara goma bai dawo ba.

Dakta Hadiza: Anti Balaraba, babu abin haƙuri, maganarki gaskiya ce. Zubar jego ita ma tana son gefen goshi, shi ya sa daga nan ba zan iya raba su ba. Bambancin shi ne na jego yana dawowa da kansa, na ja kuwa idan aka daɗe ana yi saiwar tana mutuwa, wurin ya yi sumul yana ƙyalli, kuma babu man da zai tsirar da shi.

Maman Walid: Gaskiya kitson sunan ya yi zafi, sai da na sha farasitamol. Wannan na bayan ma ƙanana ne.

Anti Balaraba mai kitso: To kin gani. Daga yanzu manyan kalba guda shida ko takwas, sako-sako, ba ƙari, ba rilaksa, har jaririn nan ya yi shekara. Kada ki tsefe a bushe, ki jiƙa da ruwa ki sa mai, ki fara taza daga baki ki gangaro gindi da babban mataji. Ɗankwalin ma ki sassauta ɗaurinsa a goshi.

Hajiya Babba: Mu dai a zamaninmu ba a awon komai. Kunun kanwa da gasasshen nama, jini ya dawo. Yanzu komai sai asibiti.

Dakta Hadiza: Hajiya, naman nan da kuka ci shi ne maganin, Allah ya saka wa iyaye da alheri. Nama, hanta, kifi, su ne ƙarfensu ya fi shiga jiki. Wake da zogale da alayyafo suna taimakawa, amma nasu bai kai ba. Sai dai yau mai jego nawa ke samun nama kullum na kwana arba'in? Wadda kuma ta zubar da jini har aka yi maganar ƙari, abinci kaɗai zai daɗe bai cike ramin ba.

Bari in koma kan Walid. Tabo mai ɓawo, da ƙaiƙayi, da baƙin ɗigon nan, da kaluluwa a wuya, a yaro ɗan shekara 6, wannan makeron kai ne kusan tabbas. Ƙwayar fangas ce, tana shiga har cikin silin gashin ta cinye shi ya karye daidai fata, baƙin ɗigon da kika gani kututturen gashin ne. Nan ne iyaye ke asarar kuɗi da lokaci: man shafawa yana kashe makeron jiki, amma ba ya kai wa cikin silin gashi. Na kai sai an sha magani. Wanda aka fi bayarwa shi ne girisofulbin, ana auna shi da nauyin yaro, ana sha kullum na sati 6 zuwa 8, wani lokaci fiye. Akwai kuma tabinafin, yawanci na sati 4. Likitan da ya ga yaron ya auna shi, shi zai zaɓa. Kada ki saya a kemis da ka.

Maman Ilham: Ni fa 'yata ta yi irinsa bara, wani mai na saya a kemis, mai haɗi uku ɗin nan da ake ce yana maganin komai na fata. Kwana huɗu ƙaiƙayin ya tsaya, ɓawon ya tafi. Ki gwada kafin ki je ki bi layin asibiti.

Dakta Hadiza: Maman Ilham, daga baya fa? Gashin ya fito?

Maman Ilham: Gaskiya bayan wata ɗaya ya dawo, ya ma ƙara faɗi, ya zama wuri uku. Na ɗauka sabo ta kwaso a makaranta. Har yanzu muna shafawa in ya tashi.

Dakta Hadiza: Ba sabo ba ne, shi ne bai mutu ba. Mayukan nan masu haɗi uku akwai sitiroyid a ciki, shi ke kwantar da ja da ƙaiƙayi cikin kwana kaɗan, amma kuma yana raunana garkuwar fatar, fangas ɗin ya samu sarari ya bazu a ɓoye. Ki daina shafa mata, ki kai ta a gani, kuma ki faɗa wa likitan sunan man, don yana sauya kamannin ciwon har a kasa gane shi. Shekara guda da makero a kai ya yi yawa, ina tsoron ya bar mata tabo.

Malam Sabo mai aski: Ni aski nake yi. Gaskiya yara da yawa a kujerarmu suke ɗauka, ba zan ɓoye ba. Ranar jajibirin sallah yaro talatin za ka yi wa da kilifa ɗaya, buroshi ɗaya. Ina goge bakin da sifirit, wani lokaci in kunna wuta a kai, amma buroshin da tawul ba wanda ke tuna su. Shawarata duk mai hali ya sayi kilifar gidansa. Kuma a yi wa yaron nan tal-kwabo da reza, a kankare ɓawon, maganin ya fi shiga.

Dakta Hadiza: Malam Sabo, Allah ya saka da wannan gaskiyar. Kilifar gida na yarda ɗari bisa ɗari. Kankarewa da reza ce ban yarda ba. Maganin ta jini yake zuwa, ba ya buƙatar a buɗe masa hanya, rezar kuma tana yanka fata ta shigar da wata ƙwayar. A rage gashin dai ya yi gajere. Wani abu kuma da nake roƙon kowa: wani lokaci makeron kai yana kumbura ya yi taushi kamar maruru, yana tsattsafo da ruwa da mugunya ta ƙofofi da yawa. Kada a kai wa wanzami ya tsaga. Ba maruru ba ne, jiki ne ke faɗa da fangas ɗin, kuma shi ne ya fi barin tabon da gashi ba ya sake fitowa. Wannan a kai asibiti a ranar.

Malam Sabo mai aski: To Dakta, amma ni na sha yi wa yara tal-kwabo kuma na ga ya tafi.

Dakta Hadiza: In an aske ba a ganin bambancin tabon da sauran kan, sai gashi ya fara tsirowa. Wasu kuma yana barinsu da kansa in sun balaga. Ban ce ba ka gani ba, amma ba zan ba uwa shawarar ta jira balagar ɗan shekara 6 ba.

Ummu Hanan: To ni tambayata, wanda ake kwana lafiya a tashi a ga wuri ya cinye sumul kamar an lashe, ba ƙaiƙayi ba komai fa? Ƙanin mijina a gemu ya fito masa, kowa ya ce shafar aljanu ce.

Dakta Hadiza: Wannan wani ciwo ne na uku. Fatar tana nan sumul, ba ɓawo, ba ɗigon karyayyen gashi irin na makero. Garkuwar jikin mutum ce ke kai wa saiwar gashinsa hari. Ba a ɗaukarsa daga kowa, maganin fangas ba ya yi masa komai, kuma in tabon ƙarami ne guda ɗaya sau da yawa gashin yana dawowa da kansa cikin shekara, wani lokaci ya fara fitowa fari. In yana ƙaruwa, likitan fata na da allurar da ake yi a wurin. Addu'a kuwa ba ta hana a je a duba.

Ummu Hanan: Nasa ya dawo bayan an yi masa rubutu. Ni dai na bar wa Allah sani.

Maman Walid: Assalamu alaikum, na dawo da bayani, yau kwana tara. Mun je asibiti. An auna Walid kilo 18. Likita ya duba kan ya ce makero ne, ya rubuta girisofulbin, miligiram 375 kullum na sati 8, ya ce a ba shi bayan ya ci abinci mai maiƙo ko ya sha madara. Ya haɗa da shamfu mai ketokonazol sau biyu a sati, a bar kumfar minti biyar kafin a wanke. Ni kuma awon jinina 9.8, feritin 11. An mayar da ni kan ƙwayar ƙarfen nan, guda ɗaya a rana. Dakta, tambayoyina: zan iya sha ina shayarwa? Yaya zan yi da taurin bayan gidan? Walid ya daina zuwa makaranta? Kuma ni ma in sha nasa maganin don kariya?

Dakta Hadiza: Madalla da kika je. Awon Walid ya yi daidai da nauyinsa, wajen miligiram 20 ne ga kowane kilo. Maiƙon ba wasa ba ne, maganin ba ya shiga jiki sosai sai da shi, ko cokalin tunkuza mai mai ko ƙosai ya isa. Wajen sati na uku za ki ga ɓawon ya tafi, a nan ne mutane ke bari ya dawo. Ki cika sati takwas ɗin. In ya fito da ƙuraje a jiki, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idonsa ya yi rawaya, ki tsayar ki koma. Shamfun don rage yaɗuwa ne, shi kaɗai ba ya warkarwa. Makaranta ya ci gaba da zuwa tunda ya fara magani, sai dai ba aron hula, ba aron mataji. Ki raba muku filo, ki wanke rigunan filo da hulunansa da tawul da ruwan zafi ki shanya a rana, tsohon matajinsa ki yar. A duba kawunan sauran yaran gidan, in akwai mage mai cinyayyen gashi ita ma abin zargi ce.

Ke kada ki sha nasa. Ba ki da makero, kuma girisofulbin ba a ba mai ciki, mai shayarwa ma ana kauce masa. In kin ga wani zagaye mai ƙaiƙayi a jikinki ko na jaririn, ku koma a gani.

Naki kuma, feritin 11 rumbu ne da ya ƙare, jinin ma ya yi ƙasa. Ƙwayar ba ta hana shayarwa. Ki sha da ruwa ko da lemon zaƙi, ki nisanta ta da shayi da madara kamar awa biyu, don suna tare ta. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai ba ne. In taurin ya dame ki kada ki bari kamar wancan karon, ki ƙara ruwa da ganye, ki tambayi likitanki ko za ki koma shan ta yau a sha gobe a huta, ana yin haka kuma tana aiki. A sake awo bayan wata ɗaya, kuma ko jinin ya dawo daidai a ci gaba wata uku don a cika ajiyar. Ki ɓoye kwalbar inda Walid ba zai kai ba, ƙwayoyin suna kama da alawa kuma yawansu na iya kashe yaro.

Maman Walid: In sha Allahu. To gashin nawa yaushe zai tsaya da zuba? Jiya ma na taje ya fito.

Dakta Hadiza: Zai ci gaba na ɗan lokaci, don silin da ya riga ya shiga hutu sai ya faɗi, ko me kika sha. Yawanci yana lafawa tsakanin wata na shida da shekara bayan haihuwa. Alamar farko ita ce 'yan gajerun gashi da za su tsiro a bakin goshi. Tsawon gashi bai wuce kamar santimita ɗaya a wata ba, saboda haka cikar kan sai a hankali. Ba zan yi miki alkawarin cewa ƙarfen ne zai tsayar da zubar ba, masana ma ba su gama daidaitawa a kan girman rawar da yake takawa ba, amma da wannan awon naki dole a gyara shi ko don jirin. In jaririn ya shekara yana zuba kamar yau, sai likitan fata.

Anti Balaraba mai kitso: Gefen goshin nan dai ki ɗauke shi hoto yau, ki sake bayan wata uku. Ni har yanzu ina zargin kitson sunan nan.

Maman Ilham: Dakta, ni ma gobe zan kai Ilham. In tafi da kwalin man ko sunansa kawai ya isa?

Dakta Hadiza: Ki tafi da kwalin, kuma kada ki shafa mata komai a kan yau da gobe, ko man kitso, don in za a kankari ɓawon a duba a samu abin dubawa.